Kuɗin cefane: yadda za a yanka shi ya kai ƙarshen wata ba tare da rigima ba

Wata ranar Talata bayan la'asar matar ƙanena ta shigo mini gida a nan Garwa, da ɗanta a baya, idonta ya yi ja. Ko ruwan da na kawo mata ba ta sha ba ta ce, "Yaya, yau ma jaka ɗaya ya ajiye mini ya fita. Na ce masa gas ya ƙare, sai ya ce wai ina canjin jiya." Bayan sallar isha'i shi ma sai ga shi, bai san ta riga shi zuwa ba. Ya zauna a bakin tabarma ya ce, "Yaya, wallahi ban san inda kuɗi ke shiga a gidana ba. Albashi zai shigo, kafin kwana ashirin aljihu ya bushe."

Duk cikinsu babu mai ƙarya. Ita ba ta ɓarna, shi kuma ba ya rowa. Abin da ke cin su shi ne ba wanda ya taɓa auna abin da gidan ke ci, kuma komai daga wannan jaka ɗaya ta safe ake so ya fito: miya, gas, sabulu, niƙa, har da anko na bikin maƙwabta. Tsarin da muka zauna muka yi musu shi zan shimfiɗa a nan, domin ya shekara biyu yana tafiya. Lambobin da za ku gani na gidansu ne, a lokacin da muka yi lissafin. Farashi yana motsi, kuma na Marwa daban, na Ngaundere daban, na Njamena daban, don haka ku ɗauki hanyar, ku zuba naku lambobin. Zan rubuta kuɗin a sefa kamar yadda suke a jikin takarda, wato 1,000 ita ce jaka ɗaya, 100 kuma dala ashirin.

Gidan mutum shida ne: shi da ita, yara uku, da 'yar yayarta da suke riƙo. Yana aiki a wani kamfani, albashinsa 160,000 a wata. Ita tana gida.

Wata guda na aunawa, kafin a yanka komai

Kuskuren da aka fi yi shi ne maigida ya zauna shi kaɗai ya ce daga yau cefane kaza ne. Da me ya auna? Rabonsa da tsayawa gaban mai tumatir tun yana saurayi. Ita ma uwargida in aka tambaye ta nawa ne zai ishe ta, sau da yawa ba za ta iya faɗa daidai ba, saboda kullum dabara take yi, ta rage nan ta toshe can.

Saboda haka a watan farko kada a canza komai. A sayi littafin 'yan makaranta guda biyu, ɗaya nata, ɗaya nasa. Kowane dare kafin a kwanta a rubuta duk abin da ya fita a yinin, ko da dala biyar ce ta ashana. Idan uwargida ba ta rubutun boko ta rubuta da ajami, ko babban yaro ya rubuta mata. Abin da na nace a kai shi ne maigida ma ya rubuta nasa: man babur, katin waya, shayin bakin titi, abin da ya miƙa wa ɗan'uwa da ya tare shi a ƙofar masallaci. In ita kaɗai aka ba littafi, ya zama bincike, kuma ba macen da za ta rubuta gaskiya tana jin tuhumarta ake yi.

Da wata ya cika muka baje littattafan biyu. Abu uku suka fito fili. Na farko, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ake kira kuɗin cefane ba miya yake tafiya ba, yana tafiya ne a shinkafa kwano-kwano, mai a ɗan ƙulli, sabulu ɗaya-ɗaya, waɗanda in an saye su a dunƙule sun fi sauƙi. Na biyu, shi kansa yana fitar da kusan 30,000 a wata a ƙananan abubuwan da bai taɓa ɗauka kuɗi ba ne. Na uku shi ne ya fi mata nauyin faɗa: mai kantin unguwa yana bin ta 14,000, ta tara su a hankali a ranakun da kuɗin safe bai kai ba, kunya ta hana ta gaya masa.

Ina roƙon maigida, in irin wannan ya fito, ka haɗiye fushinka. Bashin nan cikin 'ya'yanka ya shiga. A rubuta shi a shafin farko na sabon tsari, a biya shi, a rufe littafin mai kanti. Ƙanena ya biya nasu cikin wata uku daga kuɗin aljihunsa. Tsarin da aka fara da ɓoyayyen bashi ba ya kai wata biyu, domin uwargida za ta riƙa gutsurar cefane tana biya a ɓoye, miya ta tsinke, a koma gidan jiya.

Mene ne cefane, mene ne ba cefane ba

A nan ne rabin rigimar take. Ƙa'idar da muka bi mai sauƙi ce: abin da zai lalace in ya kwana uku, shi ne cefane. Tumatir, albasa ɗanya, attarugu, ganye, kifi, nama, ƙosai ko burodin safe, kuɗin niƙa, da ɗan abin da ake ba 'yan makaranta su riƙe. Abin da zai iya zama wata guda a ɗaki ba tare da ya lalace ba, kayan ajiya ne, kuma ranar albashi ake sayensa gaba ɗaya. Gas, magani, wuta, ruwa, kuɗin makaranta, ɗinki da gudummawar biki, babu ko ɗaya da ya shafi cefane.

Da muka tsame waɗannan, sai ainihin cefanen gidan ya bayyana, 1,200 a rana. Karin kumallo 300, kayan miya 350, kifi ko nama 400, niƙa 50, yara biyu 'yan makaranta 100. Ka ga ashe jaka ɗayar da yake ajiyewa ko cefanen kanta ba ta kai ba, balle gas.

Ga yadda muka raba albashin a ranar da ya shigo:

- Haya: 25,000
- Wuta da ruwa: 9,000
- Kayan ajiya na wata: 38,000
- Cefane: 37,200
- Kuɗin uwargida na kanta: 6,000
- Asusun shekara: 18,000
- Asusun lalura: 5,000
- Kuɗin Inna: 5,000
- Aljihun maigida, har da man babur: 16,800

A cikin 38,000 na ajiya akwai ƙaramin buhun shinkafa 12,500, mai lita biyar 7,000, gas 6,500, gawayi 3,000, sukari da ganyen shayi 3,500, sabulun wanka da na wanki 3,000, sai gishiri, dunƙule, daddawa, kuka da busasshiyar kuɓewa 2,500. Ba ku ga masara a nan ba, domin ita tana cikin asusun shekara, zan zo kanta.

Lissafin kayan ajiya uwargida ce ke rubutawa, domin ita ta san man da ke yi mata auki da sabulun da ke narkewa da wuri. Ko su je kasuwa tare, ko ya ba ta kuɗin ta je, ko ya tafi da takardarta ya sayo abin da ta rubuta, ba abin da ya ga dama ba. Na ga gidan da maigida ya sayo shinkafa mai arha don ya rage jaka biyu, ta ƙi kumbura a tukunya, buhun ya ƙare tun saura mako guda.

Wani abu kuma, watan gida yana farawa ne ranar da kuɗi suka shiga hannu, ba ɗaya ga wata ba. Ma'aikatan gwamnati a Kamaru sukan ga albashi wajen ashirin da biyar ga wata, na kamfanoni kuma kowa da ranarsa. A yi rabon cikin kwana ɗaya ko biyu da shigowar kuɗin. Albashin da ya yi mako a aljihu ba a raba shi ba, ya riga ya sami masu shi.

Mako-mako, ba kullum ba, ba kuma wata-wata ba

Ni a ganina bayar da cefane kowace safiya shi ne mafi muni. Yana mai da mace mai roƙo a gidanta, kullum sai ta tsaya tana jiran ya gama sa takalmi ta ce "Malam, cefane". Ranar da ya tashi da ɓacin rai ko ya fita da asuba, gida ya shiga uku. Kuma ba ya barin ta yi dabara. Ranar da kifin Lagdo ya cika kasuwa ya yi arha, ba ta da abin da za ta saya da yawa ta soya ta ajiye.

Bayarwa gaba ɗaya na wata kuma yana da nasa haɗarin, musamman a farko. Kuɗi masu yawa a ɗaki suna jan ido. Maƙwabciya za ta zo aro, dillaliya za ta shigo da atamfa, shi kansa maigidan zai ce "ara mini jaka biyar zuwa gobe". Saboda haka muka tsaya a mako: kowace Juma'a da safe 8,400, wato 1,200 sau bakwai. Kowane gida ya zaɓi ranar da ta dace da kasuwarsa. Wanda ke samun zuwa kasuwar Pitowa ran Lahadi, ya bayar ran Asabar da dare.

Ga wani rami da mutane da yawa ke faɗawa. Mako huɗu kwana 28 ne, wata kuwa 30 ne ko 31. In ka ware 8,400 sau huɗu, 33,600 ke nan, ka bar kwana biyu ko uku babu cefane, kuma su ne kwanakin ƙarshe, lokacin da aljihu ya fi bushewa. Shi ya sa muka ware 37,200, na kwana 31. A raba ambulan biyar: huɗu na 8,400, na biyar na 3,600. A watan da yake kwana 30, dala ɗari biyu da arba'in ɗin da suka rage su zauna a ambulan ɗin, domin akwai watan da albashi zai yi jinkiri. Wurin aikin ƙanena sun taɓa riƙe su kwana shida, wannan 'yar ragowar da kayan ajiya su suka riƙe gidan.

Idan maigida matafiyi ne, direban babbar mota tsakanin Ngaundere da Kusseri misali, zai iya turo na mako ta Orange Money ko MoMo. Sai dai ya ɗora kuɗin cirewa a kai. In ya tura 8,400 cif, abin da zai shiga hannunta bai kai 8,400 ba, kuma wannan giɓin daga miya zai fita. Ya fi sauƙi a tura sau ɗaya a mako a cire gaba ɗaya, da a riƙa turo ƙanana kullum ana biyan kuɗin cirewa kowane lokaci.

Bayan wata shida, da suka ga abin ya zauna, ita ta karɓi ambulan biyar ɗin duka tana riƙewa da kanta. Nan ake so a kai.

Kuɗinta na kanta, da maganar canji

Wannan shi ne wurin da maza suka fi yi mini gardama, kuma shi ne wurin da ba na sassautawa. Ƙanena ya ce, "Yaya, ci da sha da sutura duk ina yi, me kuma za ta yi da kuɗi?" Na ce masa, kai da kake fita, in ka ga goro ka saya, wa kake tambaya? Ita kuma kitso, lalle, man shafawa, audugar mata, katin waya don ta gaisa da mahaifiyarta, dala ɗari da za ta miƙa a gidan suna, zubin adashinta, duk daga ina? In ba ka ware mata ba, ba fasawa za ta yi ba, domin wasunsu dole ne. Daga cefane za ta cira, kai kuma ka ga nama ya ragu a miya ka ce ba ta iya riƙo ba.

Kuɗin nan ba lada ba ne na aikin gida, domin da biyan aikin za a yi, albashin gaba ɗaya ba zai isa ba. Haƙƙin mutum ne ya riƙe wani abu da ba sai ya yi bayaninsa ba. Sharaɗinsa biyu ne: a ba ta ranar albashi tare da sauran rabo, ba sai ta tambaya ba, kuma ba a binta lissafinsa. Ba a rubuta shi a littafi. Ba a yanke shi don an yi saɓani. Yawansa gwargwadon hali ne, kamar yadda aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa kuma ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Mai ƙaramin ƙarfi ko 2,000 ya ware, in dai tabbatacciya ce kowane wata.

Sai canjin cefane. Dole a yanke hukuncinsa tun farko, da baki, kowa ya ji. Shawarata ita ce abin da ta rage da dabararta, ba tare da abinci ya ragu ba, nata ne. In maigida yana karɓe canji, ko yana rage na mako mai zuwa don ya ga an yi saura, to ya koya mata kada ta sake yin saura. Matar ƙanena takan rage dala ɗari ko ɗari biyu a mako lokacin da tumatir da albasa suka yi arha a sanyi. Da shi take sayen tumatir ta yanka ta shanya, ta daka barkono ta ajiye, sai ga shi ya dawo cikin tukunyar gidan a damina lokacin da kayan miya suka yi wuta.

In kuma uwargida tana 'yar sana'a a cikin gida, ƙanƙara ko ƙuli-ƙuli ko ɗinki, ribarta tata ce, ba a lissafa ta cikin kuɗin gida. In ta ga dama ta taimaka, alheri ne. Amma jarin sana'ar da kuɗin cefane kada su haɗu a gwangwani ɗaya.

Asusun shekara

Abin da ke karya gidaje ba cefanen kullum ba ne, manyan abubuwan nan ne da kowa ya san suna zuwa amma kullum sai su zo kamar ba a sani ba: komawa makaranta a farkon Satumba, azumi da kayan sallah, ragon layya, da tsadar hatsi a tsakiyar damina. A zauna a rubuta su da kuɗinsu, a tara, a raba gida goma sha biyu.

Nasu ya kama haka: masara buhu huɗu 68,000, makaranta 60,000, azumi da kayan sallah 33,000, rago 55,000. Jimla 216,000, wato 18,000 a wata. Kada a ce ai firamaren gwamnati kyauta ce a manta da ita a lissafi. Akwai kuɗin ƙungiyar iyaye, littattafai, kayan makaranta, takalmi, ga kuɗin jarrabawa in yaro ya kai ajin ƙarshe.

Masara ita ce ribar wannan asusu. Gidan na cin buhu ɗaya mai kilo 100 a kusan wata uku, tuwon dare da kunun safe. A kaka, daga Nuwamba zuwa Disamba, hatsi ya fi arha, daga Yuli zuwa Agusta kuma ya fi tsada. Wanda ya sayi na shekara a kaka ya tsallake wannan tsadar gaba ɗaya. Mutanen wajen Marwa suna da dama ta biyu, lokacin da aka girbe dawar rani ta masakwa wajen Fabrairu da Maris.

Amma hatsin da aka ajiye ba daidai ba asara ce ninki biyu. Kafin ka biya, ɗebo daga tsakiyar buhu ka ciza. In ƙwayar ta fashe da ƙara, ta bushe. In ta lotsa a haƙori, da sauran danshi, za ta yi fumfuna. Wata hanyar, a zuba 'yar masara da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, a rufe a girgiza a bar ta ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a sake shanya hatsin. A zuba a buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda asalin bincikensa ma a Marwa aka fara shi a kan wake. Ana ɗaure kowace leda daban, iska ba ta shiga, ƙwarin ciki su mutu ba tare da an zuba magani ba. A ɗora buhunan a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango, a kuma kula da ɓera, domin huda ɗaya ta ɓata aikin ledar.

Shekarar farko ita ce mai wuya, gara in faɗa tun yanzu, domin buƙatu suna zuwa kafin asusun ya cika. Su sun fara a Oktoba. Zuwa ƙarshen Disamba sun tara 54,000, suka sayi buhu uku, na huɗu a Janairu. Azumi da ƙaramar sallah suka cinye 33,000 a Maris. Da layya ta matso akwai abin da zai sayi rago a asusun, amma da muka ƙirga sai muka ga in an saya, 42,000 kawai za a samu a ƙarshen Agusta, makaranta kuma na neman 60,000. Ƙanena ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce bana ba zai yanka ba. Ya yi masa ciwo, na gani a fuskarsa. Layya dai a kan mai hali take, ba a ce a ci bashi ko a bar yara a gida ba. Wannan 55,000 da bai taɓa ba su suka zama jarin shekara ta biyu: a Nuwamba ya sayi buhu huɗu a tashi ɗaya, ya yi azumi, ya yanka ragonsa, ya biya makaranta, bai ari ko dala ba. A tuna kuma azumi da layya suna matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara, don haka a sake jera watannin duk shekara.

Kuɗin asusun nan kada su zauna a ɗaki, kada kuma su zauna a layin wayar da maigida ke yawo da ita. A buɗe musu wuri daban, ko asusun ajiya, ko wani layin da ke kulle a akwati, kuma duk su biyun su san nawa ne a ciki. Adashi ma yana yi, in uwar adashin amintacciya ce kuma an roƙi kwasar ta faɗo a kaka ko a Agusta.

Baƙi da rashin lafiya

Gidan Bahaushe ba ya rasa baƙo, kuma ba ma so ya rasa. Baƙon yini ɗaya tukunya ta ɗauke shi. Amma wanda zai kwana uku zuwa sama, kamar ɗan'uwa da ya zo jinya asibiti daga ƙauye, sai maigida ya ƙara cefane tun ranar farko, ba sai an tambaye shi ba. Su sun yanka 200 a rana kan kowane baƙo, daga aljihunsa. Ko danginsa ne ko nata, ƙa'idar ɗaya ce.

Asusun lalura na 5,000 yana hannun uwargida, domin ita ce ke gida lokacin da jikin yaro zai yi zafi da tsakar rana. Kada ta zauna jiran maigida ya dawo ko ya ɗaga waya. Ta ɗauki kuɗin babur da na gwaji ta tafi asibiti. A bar shi ya taru a watannin rani, domin daga Agusta zuwa Oktoba zazzaɓin sauro zai neme shi. In an taɓa, a rubuta, a mayar a hankali. Ba a aronsa don biki.

In ba albashi ake ɗauka ba

Mai shago, tela, mai babur, ɗan kasuwar shanu, duk tsarin ɗaya ne, abu biyu kawai ke canzawa. A gina lissafin a kan watan da kasuwa ta fi mutuwa, ba a kan watan sallah ba. Sannan maigida ya yanka wa gida abin da zai zuba kullum da yamma a akwati, a ce 4,000, ranar samu da ranar rashi, kamar yadda yake biyan mai babur ko mai shago. Abin da aka tara a wannan makon shi za a ci a mako mai zuwa. Wahalar ita ce tara makon farko, bayan nan gida ya daina jin ranar da aka yi ruwa ba a fita ba. Mai mata biyu kuma, cefane yana bin ranar girki da yawan bakin da za a ciyar, amma kuɗin kai kowacce da nata a hannunta. In kuwa matar ce ke ɗaukar albashi, malamar makaranta ko ta asibiti, mijin yana gida ba aiki, rabon bai canza ba, har da ɗan abin da zai riƙe a aljihu ba sai ya tambaya ba.

Yadda za a gane tsarin ya fara yoyo

Alamun ba sa ɓuya. Ambulan ɗin mako yana ƙarewa tun ran Laraba, mako biyu ko uku a jere. Littafin mai kanti ya sake buɗewa. Mai ko shinkafa suna ƙarewa saura kwana goma. Maigida ya fara cewa a ara masa daga ambulan na gaba. Ko kuma wadda ta fi wuyar gani, uwargida ta daina sa wa kanta nama, tana cewa ba ta jin ci.

In an ga ɗaya daga ciki, kada a fara da tambayar wa ya yi laifi. A koma littafi na mako biyu, a gwada farashin yau da na ranar da aka yanka cefanen. Sau da yawa kasuwa ce ta tashi, ko yaro ya girma cinsa ya ƙaru. In haka ne a ƙara cefane, a kuma faɗi layin da za a rage don a cike, domin albashin bai ƙaru ba. A gidan ƙanena, da suka ƙara 100 a rana a damina, daga aljihunsa aka cire 2,000, daga gawayi 1,100, saboda a lokacin gas suka fi amfani da shi.

Ko ba matsala, a zauna duk wata uku, da kuma kafin azumi da kafin komawa makaranta. A zaɓi lokacin da yara suka yi barci, an ci an ƙoshi, ba ranar da aka yi faɗa ba. Minti ashirin ya isa. Zaman da suka yi na ƙarshe ina nan, na kai musu ziyara. Ita ce ta ɗauko littafin daga ƙarƙashin katifa, ta buɗe ta ce, "Baban yara, mai ya tashi, lita biyar ɗin yanzu sai an ƙara dala ɗari. Amma buhu na uku ban buɗe ba tukuna, zai kai mu bayan sallah." Ya karɓi biro ya gyara lambar, ya tambaye ta ko 'yar riƙon za ta buƙaci sabon takalmi kafin Satumba.